Ragin sari da ragin biya da wuri: a kan wane kuɗi haraji ke hawa?

Na ga ragi iri biyu a takardar kuɗin kayan da aka aiko mini. Ba duk ragi ragi ba ne?

A'a. Na farko ragin sari ne, wanda dila ke yi maka saboda kai ma sayarwa za ka yi, ko don ka kwashi kaya da yawa. Tun wajen ciniki aka gama maganarsa, ba ya jiran komai. Na biyun kuwa da sharaɗi yake tafe: in ka biya kafin rana kaza, a rage maka. Shi ne za ka ga an rubuta 2/10, net 30, wato ragin kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 10, in ba haka ba a biya duka cikin kwana 30.

To harajin kaya, a kan wanne ake lissafa shi?

Na sari ba shi da gardama. Mu ce kuɗin kaya 200,000, ragin sari kashi 15, haraji kuma mu ƙaddara kashi 10. Cire 30,000, saura 170,000, kuma a kansa haraji zai hau: 17,000. Jimla 187,000. Waccan 200,000 ko cikin littafin ciniki ba ta shiga.

Ragin biya da wuri ne mai ɗan ciwon kai, domin ranar da ake rubuta takardar ba wanda ya san ko za ka cika sharaɗin. A nan dokokin ƙasashe suka sha bamban. Birtaniya, alal misali, a da tana ɗora haraji a kan kuɗin da aka rage ko da mai saye bai biya da wuri ba, amma daga 1 ga Afrilu 2015 ta koma bin abin da aka biya a zahiri. Sai ka duba taku dokar.

A tsarin bin abin da aka biya a zahiri, in ka biya rana ta takwas, kashi 2 na 170,000 ya fita, wato 3,400. Kuɗin kaya ya koma 166,600, haraji 16,660, abin da za ka biya 183,260.

Ina aka fi yin tuntuɓe?

A kan 340 ɗin nan da harajin ya sauka. Mai saye yana ganin 3,740 ta ragu a hannunsa, sai ya rubuta ta duka a matsayin ragi, alhali 340 daga ciki haraji ce. Idan ya nemi hukuma ta mayar masa da harajin 17,000, ya nemi abin da bai biya ba. Shi ma dila, muddin bai gyara littafinsa ba, ko bai ba da takardar rage bashi ba, zai kai wa hukuma harajin da bai karɓa ba. Gane wannan ba wuya: raba harajin da ke littafi da kuɗin kayan da aka biya, in bai ba ka kashi 10 daidai ba, akwai gyara.

Kada kuma ka haɗa 15 da 2 ka ce ragin kashi 17 ne. Na biyun a kan saura yake hawa, don haka 33,400 aka rage maka, ba 34,000 ba.