Sankarar jini: ba yawan lamba ba, abin da aka gani a gilashi

Likita, ƙanena WBC ɗinsa 62,000 ne, nan take aka kwantar da shi. Maƙwabcinmu a Agege nasa 180,000, amma yana ta harkarsa a kasuwa. Yaya ke nan?

Malam, inji ƙirge kawai ya iya, bai san ɗanye da nunanne ba. A mai lafiya WBC, wato fararen ƙwayoyin jini, tsakanin 4,000 ne zuwa 11,000 a kowace maikurolita ta jini. In sun haura, sai a ɗiga jini a gilashi, a shafe shi siriri, a rina, a duba da madubin likita. Abin da muke nema shi ne bilas, ƙwayar da ba ta nuna ba. Babba ce, cibiyarta ta kusa cinye jikinta duka. Wurin zamanta ɓargo, can ma ba ta kai kashi 5 cikin ɗari.

Takardar da ka turo ta nuna bilas kashi 70. Wato a cikin 62,000 ɗin nan, 43,400 ba sa tsinana masa komai. Masu yaƙi da cuta, nitirofil, kashi 1 ne kacal: 620. Ga taron jama'a, babu soja. Bilas sun cika ɓargo sun hana sauran wuri, shi ya sa jininsa ya yi ƙasa, dasashinsa ke zubar jini, don masu tsayar da jini sun sauka zuwa 18,000 maimakon 150,000 ko fiye. Da zarar bilas ya kai kashi 20, maganar sankarar jini mai saurin ci ake yi, kuma ita da makonni take lissafi.

To shi maƙwabcin fa?

Sai an ga gilashinsa. Amma irin wannan lamba ga mutumin da ke kan ƙafarsa ta fi kama da mai tafiyar hawainiya, wadda ake rubuta wa CML: ƙwayoyi manya da matasa a gauraye, bilas ƙalilan, sau da yawa saifa a kumbure. Gwajin BCR-ABL1, wato gurɓatacciyar ƙwayar gado da ke jawo ta, shi ke tabbatarwa, kuma maganin imatinib yana riƙe ta shekaru. Kada ya bar shan magani, don takan rikiɗe ta koma mai saurin ci.

In lambar ba ta hau ba, an tsira?

A'a, kuma wannan ya fi damuna. Mai saurin ci takan zo da 3,000 ma. Yaro ya yi fari fat, zazzaɓi ya ƙi sauka, a yi ta maimaita maganin maleriya da taifot a kemis. Ku nemi a duba gilashi, kuma kada a ba shi maganin firedinisolon kafin a ɗebi ɓargo, don yakan ɓoye bilas ya rikita bincike. In an gani, ku wuce sashen cututtukan jini, irin na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba a Legas, a ranar.