Yawan bayanai ba shi ne sahihancin hasashe ba

An daɗe ana zaton tara farashin gero na shekaru masu yawa ya isa a gina lissafin hasashe. Kuskure ne. Farashin watan nan yana jingine da na watan jiya, don haka watanni 120 ba shaidu 120 masu zaman kansu ba ne. Ga kuma hauhawar farashi: matsakaicin ba ya tsayawa wuri guda. Ka haɗa jerin alƙaluma biyu masu hawa, ko babu ruwan ɗaya da ɗaya, lissafi zai nuna alaƙa ta bogi. Abin yana damuna. Fara duba zanen ACF, wato zanen da ke nuna ƙarfin alaƙar farashin kowane wata da na watannin da suka gabace shi: idan yana sauka a hankali, alama ce jerin bai daidaita ba, wato matsakaicinsa ba ya tsayawa wuri guda. Ka cire farashin watan jiya daga na yanzu, ka sake dubawa. Zagayowar kaka kuma takan ɓullo a tazarar wata 12.