Mene Ne “Riƙe Shafi”, Kuma Da Me Ake Auna Shi?

A Agege, Idi-Araba ko Alaba Rago da ke Legas za ka ji matashi ya ce, “Ni nake riƙe wa Alhaji shafinsa.” Abin da yake nufi shi ne mai shago ya damƙa masa kula da fuskar kasuwancinsa a Instagram, Facebook, TikTok ko WhatsApp, yana biyan sa duk wata. Aikin ya ƙunshi ɗaukar hoto da bidiyon kaya, da ɗora su a kan tsari, da amsa masu tambaya har su kai ga saye. Na ƙarshen nan shi ne wanda sababbin shiga suka fi sakaci da shi, alhali a can kuɗin yake. Mai shago bai damu da yawan masu danna alamar so ba. Abin da zai tambaya a ƙarshen wata shi ne mutum nawa suka saya.

Mu ɗauki misalin tela a Agege, mai ɗinkin kaftani da babbar riga. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, sai an fara da maganar mallaka. Shafin na tela ne, don haka da lambar wayarsa da imel ɗinsa za a buɗe shi. A Facebook akwai wurin da ake kira Page access, inda zai ƙara ka a matsayin mai aiki ba tare da ya ba ka cikakken iko ba. A kunna masa Two-factor authentication, lambar tabbatarwa ta riƙa shiga wayarsa. Wannan ya kare ku duka biyu: ranar da kuka rabu ba za a ce ka gudu da shafi ba, ranar da ’yan damfara suka yi yunƙurin ƙwace shi kuma ba kai za a fara zargi ba. Haka kuɗin ciniki, kai tsaye asusun tela zai shiga. Kada ka yarda ya biyo ta naka, kuma kada a saki kaya don an turo hoton rasit, sai shi da kansa ya ga kuɗin a asusunsa, domin alat na bogi ba baƙon abu ba ne a garin nan.

Ɗaukar bidiyo ba ya buƙatar wata babbar waya. Rana ɗaya a mako ta isa ka je shago da hantsi, ka fito da kayan bakin ƙofa inda haske yake, ka goge gilashin kyamara, ka riƙe wayar a tsaye, domin tsarin 9:16 shi ne yake cika fuskar waya a Reels da TikTok da Status. Ka matso kusa: allurar keke tana bin wuyan riga, zaren aiki yana hawa kan shadda, hannun tela yana guga. Irin wannan yana tsayar da mai kallo fiye da riga a rataye. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun wadatar, ka yanka a manhajar CapCut, ka rubuta farashi da kwanakin da ɗinki zai ɗauka a jikin bidiyon.

Sai hanyar da mai kallo zai bi ya iso. A sa wa tela WhatsApp Business, a jera ɗinkuna da farashinsu a Catalog, a tanadi amsoshin da ake yawan maimaitawa a Quick replies, kamar yadda ake turo awo da kuɗin kai kaya. A saman shafi a ɗora mahaɗin da ke kai mutum cikin hira kai tsaye. Ana rubuta lambar da 234, ba alamar tarawa, ba sifirin farko:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Yanzu lissafi, wanda shi ne ainihin ma’aunin aikin. A ƙaddara kun yi da tela zai ba ka naira 30,000 a wata, ya kuma ware naira 10,000 daban don tallan biya, wato abin da ake yi da maɓallin Boost post. Dole a bambanta kuɗaɗen nan biyu tun farko. Wanda ya haɗe su zai wayi gari yana tallata kayan wani da ladan guminsa. A tuna kuma Meta na ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan talla a Najeriya tun 2022. To, idan harajin yana cikin 10,000 ɗin, tela ya kashe 40,000 ke nan. Idan ribarsa a kowane kaftani 8,000 ce, sai shafin ya kawo ɗinki biyar kafin ya mayar da kuɗinsa. Idan mutum 40 suka yi magana, takwas suka ba da ɗinki, riba ta kama 64,000, ya tsira da 24,000 bayan ya sallame ka ya kuma biya kuɗin talla. Da wannan za ka zauna gabansa ka ce, “Alhaji, ga waɗanda suka yi magana, ga waɗanda suka biya.” Don ka iya faɗin haka, duk wanda ya shigo ta shafi ka yi masa alama a WhatsApp Business, wanda ya biya ka sauya masa alama.

Idan lissafin bai fita ba, alƙaluman da kansu za su nuna inda matsalar take. Kallo kaɗan yana nufin bidiyon ne bai riƙe mutane ba, galibi farkonsa ya yi sanyi. Kallo da yawa ba mai magana kuwa, ko dai ba a ga farashi ba, ko ba a ga hanyar tuntuɓa ba. Idan ana magana amma ba a saye, duba tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa. Wanda ya tambaya da safe aka amsa masa bayan isha’i ya riga ya ba wani telan.

Akwai wata matsala da ta keɓanci Bahaushen da ke kasuwanci a Legas, kuma ita ce ta fi damuna domin tana kama da nasara. Idan komai da Hausa zalla ake ɗorawa, shafi zai iya cika da mabiya, amma ka buɗe Insights, wurin da ke nuna alƙaluman shafi, ka duba garuruwansu, sai ka tarar Kano da Kaduna ne a sama. Mutanen kirki ne, suna yabawa, sai dai suna da teloli a unguwanninsu. Masu sayen kaftanin Agege suna Ikeja, Surulere, Lekki, kuma da yawansu Yarabawa ne da Ibo masu sha’awar aikin hannun Arewa. Saboda haka a yi magana da Hausa a bidiyo in ana so, amma rubutun da ke kai ya zo da Turanci mai sauƙi, a ambaci Agege da Legas ƙarara. Wajen tallan biya kuma kada a bar wa manhaja zaɓin masu gani. A zaɓi Legas da hannu. A faɗi kuɗin ɗan aike tun farko, domin kai kaya Ogba daban yake da kai su Ajah, kuma ciniki da yawa a nan yake watsewa.

Abu na ƙarshe da za a daidaita da tela shi ne ƙarfin aikinsa. Idan riga 20 yake iya gamawa a mako, mai riƙe shafi ya san haka, musamman da azumi ya tsaya. Da zarar ɗinkin Sallah ya cika, a dakatar da talla, a rubuta a shafi cewa an rufe karɓa sai bayan Sallah, domin wanda aka saɓa wa alkawari zai zo ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon, kowa na gani.