Waiwaye: Asalin Baƙin Kalmomi a Saƙon Waya

Ana ta muhawara kan yadda wayoyin zamani ke canza wa mutum kalma ba da izininsa ba, kamar yau aka fara. Alhali tun zamanin ƙananan wayoyi masu maɓalli abin ya samo tushe.

An aika saƙon tes na farko a 1992. Haruffa 26 ne aka cusa a maɓallai takwas, daga 2 zuwa 9, don haka mai son rubuta `s` sai ya danna 7 har sau huɗu. A shekarun 1990 aka fito da `T9` domin rage wannan wahala: danna ɗaya ga kowane harafi, wayar ta duba ƙamus ɗinta ta haɗa kalmar.

Inda aka fi mantawa shi ne yadda wayar ke yanke hukunci idan kalmomi da yawa suka faɗo kan lambobi ɗaya. Ba ta duba jimlar da ake rubutawa. Kalmar da aka fi yawan amfani da ita a harshen ita take sakawa gaba, sauran su jira a layi. Lambobin 4663 suna ba da `good`, `home` da `gone`, amma `good` ce ke fara fitowa. Akwai maɓallin sauyawa, a wayoyi da yawa `*` ne, sai dai wanda hannunsa ya saba yakan rubuta bai kalli allo ba, ya aika. A ganina nan lamarin ya juya: aikin gyara ya tashi daga kan mai rubutu ya koma wuyan mai karatu.

Shi kuma mai karatu ya koyi dabara. A ce saƙo ya shigo haka: `call of when you get good`. Ba ma'ana. Amma `of` 63 ce, `me` ma 63 ce, `good` kuwa tagwayen `home` ce. Ashe cewa ake a kira idan an isa gida. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne kuskuren yana da ƙa'ida: tsawon kalma ba ya canzawa, kuma kowane harafi yana musanya ne da maƙwabcinsa na maɓalli ɗaya kaɗai. Kowane harshe na da irin waɗannan tagwaye. A Hausa, rana da sama da rama duk 7262 ne.

Dabarar tana da iyaka. Idan yatsa ya zame ya taɓa wani maɓallin, lambobin sun sauya, lissafin ya rushe. Idan kuma kalmar ba ta cikin ƙamus, kamar sunan mutum ko kalmar wani harshe, tarkacen haruffa ke fitowa. Mafi haɗari shi ne tagwayen da dukansu suka dace da jimlar: `I am good` da `I am home` duk daidai ne, don haka mai karatu ba shi da alamar da za ta sa ya tsaya ya yi shakka.