Hawan jinin masu ciki da taune-taune: me ake dubawa kafin a ƙara allura?

Abin da likitoci ke kira firi-iklamsiya hawan jini ne da ke taso wa mace bayan ciki ya wuce mako 20, awo ya kai 140/90 ko fiye, galibi kuma a ga furotin a fitsarinta. Idan ya tsananta har ta fara jijjiga tana cizon harshe, ya zama iklamsiya, wato taune-taune. Tushensa daga mabiyiya yake, ba iska ba ce, kuma yakan zo ko bayan an sauka lafiya.

Sau da yawa jiki kan yi gargaɗi tukuna. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya: duk mai cikin da ta ji ɗaya daga ciki, asibiti a ranar. Idan jijjiga ta riga ta zo, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa cokali a bakinta, kada a ɗura mata komai.

Maganin da ke tare jijjigar shi ne magnisiyam salfet. Ba shi ake dogaro da shi wajen sauke hawan jinin ba, wannan aikin wasu magunguna ne irin su nifedifin. A tsarin da aka fi bi a asibitocinmu, ana fara ba da magnisiyam ɗin giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 a ɗuwawu ɗaya duk bayan awa 4, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe, duk wadda ta zo daga baya.

Ƙoda ce ke fitar da maganin, ita kuwa wannan cuta takan taɓa ƙoda. In fitsari ya ragu, sai maganin ya taru, ya kashe ƙarfin jiki, daga nan ya danne numfashi. Shi ya sa kafin kowace allura ake ƙirga numfashi, kada ya gaza 16 a minti. A bugi ƙasan ƙoƙon gwiwa a ga ƙafa ta zabura. A duba jakar da aka saka mata don tara fitsari, a samu aƙalla mililita 30 a kowace awa.

A ce an yi wa mace allura ƙarfe 2. Ƙarfe 6 ungozoma ta tarar da mililita 70 kacal a jaka maimakon 120 na awa 4, gwiwa kuma ba ta amsawa. To, allurar ƙarfe 6 ba za a yi ta ba, ko da numfashi na nan daidai, domin zaburar gwiwa kan ɓace kafin numfashi ya taɓu. A kira likita, a ci gaba da auna hawan jini da sauraron bugun zuciyar jariri. Idan numfashin ya fara ja da baya, a taimaka mata da iska, a ba ta kalsiyam gulukonet giram 1 ta jijiya a hankali. A ganina, wannan makarin ya kamata ya kasance a gefen gadonta tun kafin a ɗauko allurar farko.