Sauraren koken ma'aikaci a hukumance

Sauraren koke a hukumance tsari ne da wurin aiki ke bi idan ma'aikaci ya kai ƙorafi a rubuce kan abin da ya shafi aikinsa, kamar albashi, sa'o'in aiki, ƙarin girma, rashin tsaro a wurin aiki, ko yadda wani shugaba ko abokin aiki ke mu'amala da shi. Tsarin ya ƙunshi shigar da koken a rajista, binciken abin da ya faru, zama da mai koken, sannan a ba shi amsa a rubuce tare da damar ɗaukaka ƙara. Ya bambanta da tsarin ladabtarwa, inda hukumar wurin aiki ce ke tuhumar ma'aikaci. A nan ma'aikacin ne ke fara magana. Ya kuma bambanta da buƙatar da ƙungiyar ƙwadago ke gabatarwa don a canza sharuɗɗan aiki ga kowa da kowa.

Tarihi

Ana yawan danganta asalin tsarin da yarjejeniyoyin da ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙulla da masu masana'antu a farkon ƙarni na 20. A Amurka, bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1902 a Pennsylvania, an kafa kwamitin sulhu a 1903 don sauraren saɓanin da ke tasowa tsakanin ma'aikata da kamfanoni. Tsarin hawa-hawa, wato daga shugaban ɓangare zuwa manaja har zuwa mai yanke hukunci na waje, ya bazu sosai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ke neman hanyar kashe rigima ba tare da an dakatar da aiki ba.

A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da Shawara mai lamba 130 kan binciken koke-koke. Shawarar ba ta da ƙarfin yarjejeniya, amma ta kafa ƙa'idoji biyu da ake ta maimaitawa har yau: ma'aikaci na da 'yancin kai koke ba tare da hakan ya jawo masa wata cutarwa ba, kuma yana da 'yancin a binciki koken ta hanyar da ta dace. Ta kuma ce a fara gwada warware matsalar tsakanin ma'aikaci da shugabansa na kusa kafin a hau sama.

Birtaniya ta gwada hanyoyi daban-daban, kuma labarinta ya nuna iyakar abin da takarda za ta iya yi. A 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin aiki ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Goold da ma'aikacinsa McConnell. Wasu masu tallar kayan ado biyu ne kuɗin kamashonsu ya ragu bayan kamfanin ya sauya hanyar ciniki. Suka yi ta kai kuka ba a yi komai ba, da suka nemi ganin shugaban kamfanin kuma aka mayar da su ga wanda ya riga ya ƙi warware musu matsalar. Suka ajiye aiki. Kotu ta ce a cikin kowace yarjejeniyar aiki akwai sharaɗi, ko da ba a rubuta shi ba, cewa mai ɗaukar aiki zai ba ma'aikaci damar neman gyara cikin lokaci, don haka murabus ɗinsu daidai yake da kora. Wata doka ta 1999 ta ƙara da ba ma'aikaci 'yancin zuwa zaman sauraren koke da ɗan rakiya.

Daga Oktoban 2004 aka mayar da tsarin dole: a rubuta koke, a yi zama, a ba da damar ɗaukaka ƙara. A ƙararraki da dama ma'aikaci ba ya iya zuwa kotu sai ya rubuta koke ya jira kwana 28. Sakamakon bai zo yadda aka so ba. Kotuna suka cika da gardama kan mene ne ma takardar koke, har aka yanke cewa wasiƙar ajiye aiki na iya zama koke idan ta faɗi abin da ya ɓata wa mai ita rai. Ƙananan matsaloli da hira za ta iya kashewa suka koma musayar wasiƙu. Bayan nazarin da Michael Gibbons ya gabatar wa gwamnati a 2007, aka soke tsarin daga 6 ga Afrilun 2009, aka maye gurbinsa da kundin ƙa'idojin hukumar sulhu ta Acas. Bin kundin ba dole ba ne kai tsaye, amma kotu na iya ƙara diyya ko ta rage ta har zuwa kashi 25 cikin ɗari idan wani ɓangare ya ƙi binsa ba tare da dalili ba.

Shigar da koke a rajista

Aikin farko shi ne a rubuta ranar da aka karɓi takardar, a buɗe mata fayil, a kuma ba mai koken shaidar cewa an karɓa. Ranar tana da muhimmanci domin daga ita ake ƙirga kowane jinkiri. Takardar koke mai amfani takan faɗi abin da ya faru, da ranar, da waɗanda suka gani, da abin da mai koken ke so a yi. Wannan na ƙarshe ne aka fi mantawa, kuma idan babu shi mai bincike kan ƙare da amsa tambayar da ba a yi masa ba. Idan ma'aikacin bai iya rubutu ba, ko bai iya harshen da ofis ke aiki da shi ba, akan rubuta masa, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala.

Ana kai koken ga manajan da ba shi ake ƙara ba. Fayil ɗin sirri ne, kuma a ƙasashe da yawa dokar kare bayanai ta shafe shi.

Zama da bincike

Jagorar Acas ta fi son a yi zaman farko cikin kwanakin aiki biyar. A Birtaniya ɗan rakiya abokin aiki ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Yana iya gabatar da hujjar ma'aikacin, ya taƙaita ta, ya yi shawara da shi, amma ba ya amsa tambaya a madadinsa. Idan ɗan rakiyar ba zai samu zuwa ba, ma'aikaci na iya neman a ɗage zaman zuwa wata rana cikin kwanakin aiki biyar.

Mai bincike kan fara da takardu kafin mutane, domin rajista ba ta sauya labari idan ta ji abin da wani ya faɗa. Shaidu kuma ana ganinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta abin da aka rubuta daga bakinsa ya sa hannu. Wanda ake ƙara dole ya san abin da aka ce ya yi, ya kuma ba da nasa bayanin. Ma'aunin hujja ba irin na shari'ar laifi ba ne: ana duba abin da ya fi rinjaye cewa shi ya faru.

Misali

A ɗauka wani mai kula da injin a masana'antar robobi ya rubuta ranar 3 ga wata cewa ba a biya shi kuɗin ƙarin lokaci na sa'a 46 ba a cikin wata uku, kuma da ya yi magana, shugaban ɓangarensa ya mayar da shi aikin dare don ya huce haushi. Koke biyu ne a takarda ɗaya, kuma a rajista ake fara raba su, domin hujjar kowanne daban take.

Na farko lissafi ne. Mai bincike ya jera rajistar shiga da fita ta bakin ƙofa, da takardun izinin ƙarin lokaci, da takardar albashi. Rajistar ƙofa ta nuna sa'a 44. Takardun izini sun nuna 38 da aka sa wa hannu amma ba su kai ofishin albashi ba. Sauran 6 babu takarda, sai dai abokan aiki biyu, kowa a nasa zaman, sun ce shugaban ɓangaren ne ya ce a tsaya a ƙarasa wani kaya ranar Asabar. Sa'a 2 da suka rage ba su bayyana a ko'ina ba.

Na biyu ya fi wuya, domin niyya ake tuhuma. Abin da za a iya dubawa shi ne lokaci. Idan jadawalin aikin dare ya fito kafin ranar da ma'aikacin ya fara magana, kuma mutane da yawa aka juya tare, zargin ya yi rauni. Idan bayan maganar aka canza, kuma shi kaɗai aka taɓa, to shugaban ɓangaren na da bayanin da zai yi. A wannan misali jadawalin ya fito mako guda kafin ma'aikacin ya fara magana, ya kuma shafi mutum takwas.

Amsa a rubuce

Wasiƙar amsa takan ɗauki kowane batu ta faɗi abin da aka gano, da hujjar, da hukuncin. A misalin da ya gabata za ta ce an amince da sa'a 44 kuma za a biya su a albashin wata mai zuwa, ba a samu hujjar sa'a 2 ba, sannan ba a amince da zargin ramuwa ba saboda ranar da jadawalin ya fito. Za ta ambaci wanda za a ɗaukaka ƙara gare shi da wa'adin yin hakan. Idan binciken ya kai ga ladabtar da wani, wannan fayil ne na daban, kuma ba a cika faɗa wa mai koken irin hukuncin da aka yi wa wancan ba.

Ana gane amsar da ba ta da tushe ta hanyar ajiye ta kusa da takardar koken. Idan koken na da batu uku amsar ta taɓa biyu, ko ta ce kawai an bincika ba a ga laifi ba, ko wanda ake ƙara ne ya sa mata hannu, to an cika fayil ne kawai. Wata alamar ita ce takardar tuhuma da ke fitowa kan mai koken 'yan kwanaki bayan ya rubuta. Ɗaukaka ƙara kuwa, inda hali ya yi, wani manaja ne da bai taɓa shiga maganar ba ke saurare, shi ma ya amsa a rubuce.

A Najeriya

Dokar Ƙwadago ba ta shimfiɗa matakan sauraren koke na cikin gida dalla-dalla ba. Galibi ana samun su ne a kundin sharuɗɗan aiki na kamfani, ko a yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago, ko a Dokokin Aikin Gwamnati, waɗanda suka tanadi yadda ma'aikaci zai kai koke ta hannun shugabanninsa. Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta buƙaci a fara gwada hanyar sulhun da ɓangarorin suka amince da ita kafin a kai ga ministan ƙwadago. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraren shari'un aiki ita kaɗai a matakin farko, tare da ikon duba kyawawan ƙa'idojin aiki na duniya.

Saɓani

Masu suka na cewa kamfani ne ke binciken kansa, kuma tsarin ya fi kare shi a kotu fiye da gyara matsalar. Masu goyon baya na cewa fayil ɗin ne kaɗai hujjar da ƙaramin ma'aikaci ke fita da ita. A Birtaniya, jiran amsar koke ba ya dakatar da wa'adin shigar da ƙara a kotu.