Yadda ake fitar da rahoton kwamitin gudanarwa da na ma'aikata daga sakamakon bincike guda

Mun kammala binciken jin ra'ayin masu amfana da ayyukanmu, an ce in rubuta rahoto biyu, ɗaya na kwamitin gudanarwa, ɗaya na ma'aikatan da ke bakin aiki. Ba zai wadatar in rubuta dogo guda, sannan in taƙaita shi ba?

Taƙaitawa tana rage tsawo ne kawai, alhali abin da ya raba waɗannan masu karatu shi ne irin shawarar da kowannensu yake da ikon yankewa. Mamban kwamiti yana iya amincewa da ƙarin kuɗi, ko ya sauya manufa, ko ya nemi shugabannin ƙungiya su dawo masa da bayani bayan wata uku, amma ba shi ne zai sauya lokacin buɗe ƙofa a wata cibiya ba. Ma'aikacin cibiya kuwa ba ya taɓa kasafin kuɗi, sai dai yana iya gyara yadda ake karɓar mutane tun daga gobe da safe. Saboda haka kafin ka rubuta komai, ka zauna ka rubuta jimla guda ga kowane ɓangare, wadda za ta faɗi abin da kake so su yi bayan sun karanta. Duk sakamakon da bai taɓa wannan jimlar ba, wurinsa rataye ne a ƙarshen rahoto.

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiya tana da cibiyoyi 8 masu kusan girma ɗaya, an zaɓi mutum 50 a kowace cibiya ta hanyar ƙuri'a, jimilla 400, an tambaye su ko sun jira fiye da awa ɗaya kafin a saurare su. Mutum 120 suka ce e, 260 suka ce a'a, 20 suka ce ba su tuna ba.

Na taɓa ganin rahotanni biyu daga bincike ɗaya suna ba da alƙaluma daban. Daga ina wannan yake tasowa?

Galibi daga adadin da aka raba da shi ne. Idan wanda ya rubuta rahoton kwamiti ya raba 120 da 400, zai sami kashi 30 cikin ɗari. Idan abokin aikinsa ya cire mutum 20 ɗin da ba su tuna ba, ya raba 120 da 380, zai sami kashi 31.6, wanda zai rubuta a matsayin 32. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu, amma ranar da wani mamban kwamiti ya kai ziyara cibiya ya ga 32 manne a allon sanarwa, alhali takardar da ke jakarsa ta ce 30, daga nan zai fara shakkar sauran alƙaluman baki ɗaya, kuma da gaskiyarsa.

Maganin shi ne a gina babban jadawali guda kafin a fara rubuta kowane rahoto. A kowane layi a sa tambayar kamar yadda aka karanta wa mutane ita, da adadin waɗanda suka amsa, da adadin da ya zaɓi kowace amsa, da kashin da aka fitar, da bayanin ko an lissafa masu cewa ba su sani ba. A sa wa jadawalin kwanan wata, a rufe shi, kada kowa ya sake komawa ɗanyen bayanai ya yi nasa lissafin. Idan an gano kuskure daga baya, a gyara shi a jadawalin tukuna, sannan a bi rahotannin biyu a gyara su a rana ɗaya. Haka kuma kalmomi su bi jadawalin: idan an tambayi mutane game da jira fiye da awa ɗaya, kada rahoton kwamiti ya mai da shi rashin gamsuwa, domin ba a tambayi kowa gamsuwarsa ba. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne, wato a ba wanda bai sa hannu a rubutun ba rahotannin biyu, ya ja layi a ƙarƙashin kowace lamba, ya nemo ta a jadawalin.

Me ya kamata ya shiga rahoton kwamiti, me kuma za a bari?

Shafi biyu sun isa a mafi yawan lokuta, kuma sakin layi na farko ya ƙunshi sakamakon da shawarar da ake nema. A misalinmu zai ce kusan mutum uku cikin goma sun jira fiye da awa ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ƙorafin daga cibiya guda suke, kuma ana neman amincewar kwamiti a ƙara ma'aikaci a can na wata shida, a sake aunawa. Bayanin yadda aka gudanar da binciken ya tsaya a layi uku ko huɗu: su wa aka tambaya, yaushe, mutum nawa aka nema, nawa suka amsa.

Inda marubuta suka fi zamewa shi ne wajen kwatanta bana da bara. Kowane kashi da aka samo daga wani ɓangare na jama'a yana da tazarar kuskure, kuma idan an zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a kai tsaye, ana ƙiyasta ta a matakin tabbaci na kashi 95 cikin ɗari kamar haka, inda p yake nufin rabon da aka samu, n kuma adadin waɗanda aka tambaya:

```
1.96 × √( p × (1 − p) ÷ n )
```

Idan aka sa 0.30 da 400, ana samun kusan 0.045, wato maki 4.5 cikin ɗari, ma'ana adadin gaskiya yana iya kasancewa tsakanin kashi 25.5 da 34.5. To, a ce binciken bara, mai girma ɗaya da na bana, ya ba da kashi 33. Marubuci mai son faranta wa kwamiti zai rubuta cewa jira ya ragu, alhali bambancin maki uku bai kai a dogara da shi ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne babu wani sauyi da za a iya tabbatarwa. Mambobin kwamiti ba sa buƙatar ganin wannan lissafin, amma suna buƙatar a faɗa musu iyakar abin da lambar za ta iya ɗauka, domin su ne za su sa hannu a kan kuɗi saboda ita.

Ma'aikata suna son ganin sakamakon cibiyarsu. Laifi ne in jera cibiyoyin daga mafi kyau zuwa mafi muni?

A ganina jerin yana ɓarna fiye da amfaninsa, kuma lissafi ne ya nuna haka. Da zarar an sauko daga mutum 400 zuwa 50, tazarar kuskure tana ninkuwa kusan sau uku. A ce a wata cibiya mutum 20 cikin 50 ne suka jira fiye da awa, wato kashi 40, a wata kuma mutum 14, wato kashi 28. A ido, ta farko ta fi muni nesa ba kusa ba. Amma tazarar ta farkon tana tashi daga kusan 26 zuwa 54, ta biyun kuma daga 16 zuwa 40, kuma mutum shida kacal ne suka raba su. Da an yi binciken a wani makon, da wasu mutane aka samu, ba abin mamaki ba ne su musanya matsayi. Jeri yana ɓoye wannan duka, sai ma'aikatan da suka zo na bakwai su shafe taro suna kare kansu a kan bambancin da wataƙila babu shi.

Cibiyar nan da ta ƙunshi kashi ɗaya cikin huɗu na masu ƙorafin, inda mutum 30 cikin 50 suka jira fiye da awa, ita kuwa daban take, domin ko ƙasan tazararta, kusan kashi 46, ya wuce jimillar ƙungiya da nisa. Ita ce kaɗai ta cancanci a ware ta a rahoton kwamiti.

Abin da ya fi yi wa ma'aikata amfani shi ne shafi guda na cibiyarsu kaɗai, da jimillar ƙungiya a gefe don kwatantawa. A rubuta adadin mutane a fili, kamar mutum 20 cikin 50 da muka tambaya, domin hakan yana tuna wa mai karatu ƙanƙantar adadin, abin da kashi 40 cikin ɗari ba ya yi. A zaɓi sakamako biyu ko uku da ke cikin ikonsu, a haɗa da abin da mutane suka yaba, sannan a bar fili da tambayoyin da su ne kaɗai za su iya amsawa, misali a wace rana layi ya fi tsawo, kuma a wane mataki mutane suke maƙalewa. Bincike yana nuna cewa ana jira, amma dalilin jiran yana hannun wanda yake zaune a teburin karɓar baƙi.

Kalaman da mutane suka faɗa da bakinsu fa?

Suna da amfani a rahotannin biyu, amma haɗarinsu ya fi yawa a na ma'aikata, domin ma'aikata sun san mutanen da suke yi wa aiki. Jimla irin ta wata mata da ta ce ta zo da tagwayenta ranar Talata aka sallame ta, ko ba a ambaci suna ba, an nuna ta da yatsa. A cire irin waɗannan alamomin, kuma kada a karkasa sakamako zuwa rukunin da ya yi ƙanƙanta. Ƙungiyoyi da dama suna sa iyaka, wasu mutum biyar, wasu goma, ƙasa da haka sai a haɗe rukunin da wani. Idan an ambaci sunan wani ma'aikaci da zargi, wannan ya bi hanyar karɓar ƙorafi ta ƙungiya, kada ya shiga ko ɗaya daga rahotannin.

Wa ya kamata ya fara gani?

Tsarin mulki na ƙungiya yana iya wajabta cewa kwamiti ne zai fara karɓar rahoto na ƙarshe, amma wannan bai hana a nuna wa shugabannin cibiyoyi daftarin shafinsu mako guda ko biyu kafin zaman ba. Amfanin yin haka ya wuce ladabi. A ce shugabar cibiyar nan mai mutum 30 cikin 50 ta duba kwanakin binciken, ta ce ai a wannan makon ma'aikata biyu cikin biyar suna hutu. Bayaninta ba ya sauya lambar, kuma bai kamata a taɓa jadawalin saboda shi ba, amma yana sauya shawarar da za a kai wa kwamiti: maimakon neman sabon ma'aikaci na wata shida, sai a nemi a gyara tsarin hutu, a sake tambayar mutum 50 a makon da kowa yake bakin aiki. Bayan zaman kwamiti kuma, a ƙara layi biyu a ƙasan shafin kowace cibiya da ke faɗin abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa alhakin aiwatarwa, da ranar da za a sake aunawa.